Saka hoto a cikin firam ɗin da ke jikin bango: fuska ta yi faɗi, inuwa ta ƙi zama

Sadiya Barnawa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimako. Wata Hajiya a Unguwar Rimi tana so ta ga yadda hoton bikin 'yarta zai zauna a falonta kafin a kai wurin bugawa. Ta rataye firam ɗin a bango, babu komai a cikinsa, ko kwali babu, bangon ake gani ta tsakiya. Ta ɗauko shi da waya ta turo mini, fiksel 4000 a 3000, kuma daga gefen hagu ta tsaya. Na saka hoton amaryar a Photoshop na ja kusurwoyin, amma fuskar ta yi faɗi, kuma kowa ya kalla sai ya ce liƙa shi aka yi. Ina matsalar take?

Auwal Kawo: Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi. Ctrl+T, ki danna dama, ki zaɓi Perspective, ki ja har ya shiga. Sai ki sa masa Drop Shadow kamar 30, ki mayar da leyar Multiply. An gama.

Malam Nura: Auwal, Ctrl+T ɗin daidai ne, amma Perspective ba zai fisshe ta ba. Idan ka ja kusurwa ɗaya da shi, 'yar uwarta ta ɗaya ɓangaren tana motsawa daidai gwargwado. Wannan yana aiki ne kawai idan mai ɗauka ya riƙe waya a tsaye cak, a tsayin tsakiyar firam. Hoton da aka ɗauka da hannu kuwa da wuya ya zo haka, kullum akwai ɗan ɗaga kai ko sunkuyarwa, sai ka ga kusurwoyin huɗu kowace da inda ta dosa. Distort ake so, ko a riƙe Ctrl a ja kowace kusurwa ita kaɗai.

Sadiya, kafin mu je can, nawa ne girman firam ɗin, kuma nawa ne girman hoton amaryar?

Sadiya Barnawa: Firam 16 a 20 ne a inci, Malam. Hoton kuma fiksel 4000 a 6000.

Malam Nura: To ga faɗin fuskar nan. Hotonki biyu bisa uku ne, firam ɗin huɗu bisa biyar. Da kika kai kusurwa kan kusurwa, kin tilasta wa dogon hoto ya cika wurin da ya fi shi faɗi, sai komai ya buɗe da kashi 20 cikin 100. Ido ba ya saurin kama wannan a kan jan kusurwa, domin karkatar bangon tana ɓoye shi, sai an tsura wa fuska ido.

Dole a yanka hoton ya koma siffar firam tun yana miƙe, kafin a karkatar da shi. Faɗin 4000 yana buƙatar tsawon 5000, ke nan za ki yar da fiksel 1000, ko daga sama, ko daga ƙasan gwan, ko ki raba.

Ni ga yadda nake ganin ya fi. Ki zana murabba'i da Rectangle Tool a siffar bakin firam ɗin, ki danna dama a kan leyar ki zaɓi Convert to Smart Object tun ba ki taɓa shi ba. Shi za ki ja da Distort. Idan ya zauna, ki danna ɗan hoton leyar sau biyu, zai buɗe a miƙe, ki saka amarya a ciki ki daidaita ta, Ctrl+S, ki dawo. Ribar biyu ce. Duk yawan gyaran kusurwar da kika yi, ingancin hoton ba ya raguwa, saboda kullum daga asalinsa ake lissafi. Kuma in Hajiya ta ce a gwada wani hoton, minti ɗaya ya ishe ki.

Baba Ɗanjuma mai firam: 'Yata, idan hoto ya karkace a bango ai ƙusa ɗaya aka buga. A buga biyu, a sa ma'aunin ruwa a kan firam ɗin. Inuwa kuma a matsar da ƙwan fitila.

Sadiya Barnawa: Baba, a kwamfuta nake haɗawa, ba a kai ga bugawa ba tukuna. 😄

Baba Ɗanjuma mai firam: Au, to na gane. Amma bari in ba ku abin da na sani, ko zai yi amfani. Firam ɗin da muke ce wa 16 a 20, girman takardar da ke shiga ta baya ke nan. Ta gaba akwai leɓe da ke riƙe gilashi da hoto, yana cin wajen kwatar inci a kowane gefe. Abin da ido zai gani bai wuce 15 da rabi a 19 da rabi ba. Kuma hoton ba a fuskar katako yake zama ba, ba kuma a jikin bango ba. Yana bayan leɓen nan ne, a tsakani. Ki sa Hajiya ta auna miki kaurin firam ɗin daga bango, da zurfin leɓen daga fuska.

Malam Nura: Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan awon shi ne zai ba mu inuwar ma. Sadiya, ki yi murabba'in 3100 a 3900, wato fiksel 200 ga kowane inci na abin da ido ke gani.

Sadiya Barnawa: Yaron gidan ya auna. Kaurin firam santimita 3, leɓen wajen santimita 1. Fuskar ta koma daidai yanzu. Amma ina zan ajiye kusurwoyin? A dama ina ganin layi biyu, na fuskar katakon da wani a ciki.

Anti Rabi: Na cikin za ki bi, ƙanwata. Tunda daga hagu aka ɗauka, kina hango cikin leɓen dama, ɗan siririn katakon nan da ke tsakanin layukan biyu. Shi ba a rufe shi. Hoto yana farawa ne daga inda ya ƙare ta ciki. Idan kika rufe shi, firam ɗin ya rasa zurfinsa, kuma wannan ne babban abin da ke sa a ce liƙawa aka yi.

A hagu kuma akasin haka ne. Ba kya ganin cikin leɓen, shi ne ma yake tare miki bakin hoton. Don haka kusurwoyin hagu na gaskiya suna ɓoye a bayan katako. Ki auna faɗin ɗan siririn da kike gani a dama. In fiksel 10 ne, to ki tura kusurwoyin hagu su shige ƙarƙashin katako da wajen 10 zuwa 12, tunda hagun ya fi kusa da kyamara. Sama da ƙasa ma haka: in wayar tana ƙasa da gindin firam, cikin leɓen sama za ki gani, na ƙasa ya tare.

Kada ki dogara da bakin hoton wajen yin iyaka. Ki ɗauki Pen Tool ki bi bakin da ake gani, ki zuƙo zuwa 300% a kowace kusurwa, Ctrl+Enter, ki sa hoton a cikin Group, ki ba wa Group ɗin Layer Mask da wannan zaɓin. Duk inuwar da za ki yi nan gaba a cikin Group ɗin za ta zauna, ba za ta hau katako ba. Bakin mask ɗin ki ba shi Feather kamar 0.7 zuwa 1, domin babu layin da ke da kaifin reza a hoton waya. Ko ta gefen da ake ganin leɓen ma, ki bar hoton ya wuce layin da fiksel biyu ko uku, kar farin bango ya leƙo.

Yusuf T/Wada: Ni tawa daban ce. Na daidaita kusurwa huɗu tsaf, amma a tsakiyar gefen dama sai bango ya leƙo. Firam ɗin yana can ƙarshen hoton, an ɗauka da 0.5 na waya.

Malam Nura: Ba hannunka ba ne, Yusuf, gilashin kyamarar ne. Mai faɗin gani yana lanƙwasa miƙaƙƙen layi, kuma ya fi tsanani a bakin hoto. Distort layi miƙaƙƙe kawai ya sani. Ka ja layi da Line Tool daga kusurwa zuwa kusurwa a kan katakon, in katakon ya kauce wa layin a tsakiya, to shi ne. Ko dai ka miƙar da hoton ɗakin tun farko da Filter > Lens Correction, ko ka bar shi yadda yake, ka ƙara wa hotonka girma kaɗan, mask ɗin da ka zana da Pen ya bi lanƙwasar. In lanƙwasar ba ta wuce fiksel biyar ko shida ba, ta biyun ta isa, ba mai gane hoton ciki bai lanƙwashe ba. In ta yi yawa sai a ƙara da Warp bayan Distort.

Auwal Kawo: To maganar Multiply fa? Ni da shi nake yi kullum kuma inuwa tana fitowa da kanta, ba na zana komai.

Anti Rabi: Yana fitowa ne idan akwai farin kwali ko farar takarda a cikin firam ɗin, a daidai wurin da hoto zai zauna. A nan kam ba abin da ya fi shi, domin inuwar gaske ce ke kan kwalin, Multiply ya ɗora ta a kan hotonka kyauta. Amma firam ɗin Sadiya bango ake gani. Multiply zai kwaso launin fentin da ƙurajen filasta ya zuba wa amarya a fuska. Sannan inuwar da ke cikin ta faɗa ne a kan bango, santimita 3 daga fuskar katako, alhali hoton santimita 1 kacal zai shige. Inuwar za ta ninka wadda ta kamata sau uku. A bar shi a Normal, a gina inuwar da hannu.

Drop Shadow kuma ba shi da wuri a nan. Shi inuwar da abu ke jefawa a kan na bayansa ce. Hoton nan ba ya jefa inuwa a kan komai, firam ne ke jefa masa.

Auwal Kawo: Inner Shadow ke nan. A cire Use Global Light, a juya Angle zuwa wajen taga.

Malam Nura: Wannan ya fi kusa, kuma ga firam ɗin da aka ɗauka ta gaba yana wadatarwa. Matsalarsa faɗi ɗaya yake bayarwa tun daga kusa har nesa, alhali gefen da ya yi nisa komai nasa ƙanƙancewa yake, har inuwar. Kuma bakin leyar yake bi, mu kuwa mun tura bakin ƙarƙashin katako, sai rabin inuwar ta ɓace a can.

Sadiya, dubi bangon a wajen firam. Ta ina inuwarsa ta faɗa, kuma nawa ne faɗinta?

Sadiya Barnawa: Dama da ƙasa. Taga na hagu, da labule mara kauri. Na auna da Ruler Tool, ta dama wajen fiksel 45 ce, ta ƙasa wajen 24. Bakinta ba kaifi, a hankali take narkewa.

Malam Nura: Madalla, ɗakin ya riga ya ba ki amsa. Haske daga hagu da sama yake zuwa. Katakon dama yana jefa inuwarsa waje, kan bango. Katakon hagu yana jefa tasa ciki, kan hoto. Saboda haka a cikin firam inuwa a gefen hagu da sama take, gefen da hasken ke fitowa. Nan mutane da yawa ke juyawa, su sa ta a dama da ƙasa don sun ga ta waje a can take.

Faɗinta kuwa lissafi ne. Hasken ɗaya ne, kwanarsa ɗaya, don haka faɗin inuwa yana bin zurfi. Santimita 3 ya ba da 45, santimita 1 zai ba da 15 a hagu. A sama 24 ya koma 8. Tunda hagu ya fi kusa da kyamara kina iya kai shi 16 ko 17. Ta sama kuma ki fara da 9 a ƙarshen hagu ta sirance zuwa 7 a dama.

Yusuf T/Wada: Amma Malam, Anti ta ce leɓen hagu yana tare bakin hoton. Ashe ba zai tare wani ɓangare na inuwar ba? Sai a rage daga 15 ɗin.

Malam Nura: Tambaya mai kyau. Yana tarewa, amma ba a ragewa. Ita ma 45 ɗin da ta auna ba duka inuwar ba ce, jikin firam ɗin ya tare wani ɓangarenta daga inda aka tsaya. Abin da aka tare a waje da wanda aka tare a ciki duk zurfi suke bi, uku bisa ɗaya. Don haka 15 ɗin daga bakin da ido ke gani ake auna ta.

Yadda za a zana: sabuwar leya a cikin Group, a saman hoton, a Multiply. Da Polygonal Lasso ki zana siffar da ta bi gefen hagu da sama kamar kusurwar kafinta, ta shigo ciki da awon nan. Ta waje kuma ki bar ta ta wuce can ƙarƙashin katako da fiksel 40 ko fiye. Dalili shi ne Gaussian Blur yana narkar da duka bakunan biyu. In kika tsayar da ita daidai bakin katako, wurin da ya kamata ya fi duhu shi zai yi haske, sai ki ga wani farin zare tsakanin katako da inuwa.

Launin kada ya zama baƙi wuluk. Ki ɗauko shi da Eyedropper daga inuwar bangon, ki ɗan ƙara masa duhu. Ki cika, Ctrl+D, sannan Gaussian Blur. In ba ki cire zaɓin ba, narkewar za ta tsaya a cikinsa, bakin ya zauna da kaifi. Laushin ma zurfi yake bi: inuwa tana ƙara narkewa ne gwargwadon nisan da ta yi tafiya. Ta cikin za ta fi ta bango kaifi. Ki fara da Radius 4 ko 5, Opacity wajen 35%, ki kwatanta duhunta da na bango.

Anti Rabi: Ki ƙara ta biyu a kanta, siririya. Inda takarda ta haɗu da katako kullum akwai ɗan duhu, a duk gefe huɗu, har gefen da haske ke bugawa. Faɗin fiksel 2 ko 3, Blur 1.5, Opacity kamar 40%. A dama da ƙasa ki rage ta da mask zuwa rabi. Ita ce ke zaunar da hoton. Mai faɗin tana nuna inda haske yake, wannan kuma tana nuna takardar na taɓa katako.

Sadiya Barnawa: Na yi duka biyun, zurfin ya fito sosai. Sai dai hoton yana ƙyalli kamar talabijin a kunne, ya fi komai na ɗakin haske.

Anti Rabi: Saboda baƙinsa 0 ne, farinsa 255, ɗakin kuwa bai kai nan ba ta ko'ina. Takarda ba ta ba da haske, wanda ya faɗo mata take mayarwa. Ki buɗe Info, ki ɗora linzami a kan abu mafi duhu kusa da firam, da kuma mafi fari wanda ba taga ko fitila ba. A ce kin samu 22 da 215. Ki sa Levels a kan hoton da Ctrl+Alt+G, ki je Output Levels, na ƙasan nan, ki mayar da 0 zuwa 22, 255 zuwa 215. Farin gwan amarya bai kamata ya fi farin silin ɗin ɗakin ba. In hasken ɗakin ya ja zuwa ruwan ɗorawa, ki shiga tashar Blue ki ƙara sauke farinta kaɗan.

Sai ki duba bangon: kusa da taga ya fi haske, yana dusashewa zuwa dama. Hoton ma haka zai yi. Gradient daga babu zuwa duhu, hagu zuwa dama, Multiply, 10% zuwa 15%.

Na ƙarshe, ki zuƙo 200% a bakin firam. Za ki ga bangon da ɗan yashi-yashi da laushi, amarya kuwa sumul da kaifi, tunda babbar kyamara ce ta ɗauke ta. Gaussian Blur 0.6 zuwa 1 a kan Smart Object ɗin, sannan Add Noise kamar 1.5%, Gaussian, Monochromatic. Ki ƙara ko ki rage har ki kasa gane inda yashin bango ya tsaya.

Yusuf T/Wada: Ga wanda ba shi da Photoshop, Photopea na yin kusan duk wannan a burauza, har Smart Object. A GIMP kuma Shift+P ne, kuma nasa Perspective ɗin kowace kusurwa ita kaɗai take motsi, ba irin na Photoshop ba.

Auwal Kawo: Saura gilashi. Farin Gradient a karkace, Screen, 10%. Ba ya kama da gaske sai da shi.

Malam Nura: Ni ba zan sa ba. Gilashi abin da ke ɗakin yake nunawa, ba farin zane ba. Mai ɗauka yana hagu, don haka abin da zai gani a gilashin shi ne ɓangaren dama na falon. Taga kuwa tana hagu, bayansa. Ƙyallin taga ba zai zo masa daga nan ba.

Anti Rabi: A lissafi ka yi gaskiya, Malam, amma Hajiya da gilashi za ta karɓi kayanta. Ko ba taga, gilashi yana ɗan ɗaga baƙi. Ni zan sa leya mai launin bangon a Screen, 4% ko 5%, ta fi ƙarfi a sama, ba tare da wata siffa ba.

Malam Nura: Ai Levels ya riga ya ɗaga baƙin zuwa 22. In aka ƙara wannan hoton zai yi hazo.

Anti Rabi: Sai a sauke Levels ɗin zuwa 15. Ta gwada biyun ta gani.

Baba Ɗanjuma mai firam: Ku fara tambayar Hajiya. Yanzu da yawa ba sa son gilashi a manyan hotuna, laminatin ake yi musu mara ƙyalli a ɗora a kan katako. In shi ne, hoton zai matso gaba da kaurin gilashin da aka cire, wajen milimita 2.

Sadiya Barnawa: Zan tambaye ta, Baba. Wani abu kuma: na tura wa kaina a WhatsApp don in gani a waya, sai inuwar mai laushi ta koma layi-layi.

Malam Nura: Matsewar WhatsApp ce, ta fi cin wuraren da launi ke narkewa a hankali. Yashin da kika sa a kan hoton kaɗai yake, inuwa da Gradient suna samansa sumul. Ki yi leya a can saman Group, Edit > Fill da 50% Gray, ki mayar da ita Overlay, ki sa Add Noise ɗin a kanta, ki kashe na ƙasa. Haka yashin zai hau komai har inuwa, ya farfasa layukan. Ki fitar da JPEG a Quality 10 ko sama, ki tura mata shi a matsayin Document.

Sadiya Barnawa: Layukan sun tafi. Hajiya ta ce laminatin take so, ba gilashi. Baba, kaurin leɓen zai canza ke nan, ko in bar inuwar a 15?

Baba Ɗanjuma mai firam: Leɓen yana nan yadda yake. Santimita 1 ɗin da yaron ya auna har bayan leɓe ne, kuma nan hoton zai jingina tunda ba gilashi a tsakani. Da da gilashi ne za ki ƙara, yanzu ki bar ta a 15 ɗin.